Darasin kodin na minti 40 da takarda da murfin kwalba

Abin da koyar da 'yan ƙaramar sakandare kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, ya nuna min shi ne, minti 40 ba ya ɗaukar fiye da abu uku: jera umarni, gano kuskure, da maimaitawa. Sharaɗin "idan kaza, yi kaza" sai wani darasin.

Kayan aikin ba su da yawa. Kowane yara biyu su zana gidaje biyar tsaye biyar kwance a takarda, kamar gidan dara, su samo murfin kwalba a zana masa kibiya don a san inda ya fuskanta. Umarni uku ne kacal: G, gaba gida ɗaya, D, juya dama, H, juya hagu. Ɗaya ya rubuta, ɗaya ya tura murfin. Dokar da nake tsaurarawa a kanta ita ce, marubuci ya kama bakinsa da zarar an fara turawa. In ka bar shi ya ce "a'a, can nake nufi", darasin ya lalace, domin kwamfuta abin da aka rubuta kawai take bi.

Murfi yana kusurwar ƙasa ta hagu, yana kallon sama. Ana so ya hau gida biyu, sannan ya yi dama gida biyu. Amsar ita ce G G D G G. Amma yara da yawa G G D D suke rubutawa, suna zaton D tana matsar da murfi gefe. Mai turawa, in ya bi doka, zai hau gida biyu, ya juya sau biyu a wuri ɗaya, ya tsaya yana kallon ƙasa. Nan gardama take tashi: "Malam, shi ne bai iya ba!" Ba na raba gardamar. Sai na ce su sa yatsa a kan harafin farko, su bi ɗaya bayan ɗaya, su yi alama a inda murfi ya fara saɓa wa abin da suke so. Goge komai a sake daga farko haramun ne a ajina. Harafin da ya jawo matsala kaɗai za a gyara.

Wani tuntuɓen yana zuwa idan murfi ya fuskanci yaron, domin damar murfi ta koma hagun yaro. Alamarsa ita ce komai yana tafiya daidai sai bayan juyi na biyu. Su juya takardar kawai.

A minti goma na ƙarshe nake sa su zagaya murabba'i su dawo inda suka tashi: G G D sau huɗu, haruffa 12. Ina barinsu su rubuta duka har wani ya yi ƙorafin abu ɗaya ake ta nanatawa, sannan na rubuta "maimaita 4 (G G D)" a allo. Aikin da `repeat` yake yi ke nan a Scratch, manhajar koya wa yara kodin.

Takarda tana da iyaka. Yaro zai karanta G ɗin da aka rubuta a karkace ya wuce, alhali Python, ɗaya daga cikin harsunan kodin, za ta tsaya cak saboda baka guda da ba a rufe ba. Wannan kam sai sun zauna gaban na'ura.