Yadda lambobin jihohi suka raba min gardamar Neja da Nijar

Aikin da aka ba ni shi ne in haɗa tebur biyu, ɗaya na yawan jama'a ɗaya na noman gero, na jihohin Najeriya da na Nijar, a fitar da abin da kowane mutum zai samu. Tebur ɗin duk da sunaye aka cika su, to a nan rigimar take. Jihar Neja da ƙasar Nijar rubutunsu ɗaya ne a Turanci, Niger, kwamfuta kuwa ba ruwanta, ta ɗauki geron ƙasa guda ta liƙa wa mutanen Minna da Bida. Nasarawa kuma ta ɓace ɗungurungum saboda wani ya rubuta Nassarawa, Abuja ma haka, nan Abuja can FCT.

Abin da na yi shi ne na ƙara wa kowane tebur layi guda na lambar ISO 3166-2, wato lambar da ake gane kowace jiha da ita a duniya. Tsarin ba wuya, haruffa biyu na ƙasa, sai ɗan layi, sai na jiha. Najeriya NG ce, Nijar NE. Kano NG-KN, Katsina NG-KT, Neja NG-NI, Nasarawa NG-NA, Abuja NG-FC. Su Nijar adadi suke amfani da shi, Maraɗi NE-4, Damagaram NE-7, Yamai NE-8. Daga nan na haɗa da lambar na bar sunan don karatu kawai:

```sql
SELECT j.iso FROM jamaa j
LEFT JOIN gero g ON g.iso = j.iso
WHERE g.iso IS NULL;
```

Wannan zai nuna maka duk jihar da ke teburin jama'a da ba ta sami abokiyar haɗi a teburin gero ba. Kuma ka ƙirga layukan teburin da ka haɗa, 37 na Najeriya har da Abuja, 8 na Nijar, 45 ke nan. In sun gaza wata ta faɗi, in sun zarce wata ta shigo sau biyu.

Amma fa abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lambar ba ta san tarihi ba. Ƙidayar 1991 lokacin Zamfara tana cikin Sakkwato, sai 1996 aka cire ta, amma NG-SO ɗin nan bai canza ba, don haka in ka jera Sakkwaton 1991 da ta 2006 haɗin zai tafi lafiya lau babu ko ƙorafi ɗaya daga kwamfuta, alhali yanki biyu daban kake kwatantawa. Dole na tara NG-SO da NG-ZA a 2006 kafin lissafin ya yi ma'ana. Haka na yi wa Bauchi da Gombe, da Filato da Nasarawa, duk rabuwar 1996 ce. Yanzu kowane tebur nawa yana da layin shekarar da aka shata iyakar kusa da lambar, kuma wallahi duk wanda ya turo min alƙaluma ba wannan shekarar sai na koma na tambaye shi.