Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Baba Ya Bar Mini Makullin Sito

A makon jiya na tsaya inda aka ɗauke ni daga ofishin kati aka mayar da ni siton asibiti, ƙarƙashin dattijon da kowa ke kira Baba. Wata huɗu na yi ina share kanta, ina jera kwalaye, ina kallon hannunsa. Bai taɓa bari na sa hannu a bauca ba, wato takardar fitar da kaya.

Ranar Litinin ta farko a watan Agustan 2010 ya zo da sassafe sanye da babbar riga, na san ba aiki ya zo yi ba. An yi masa rasuwa a ƙauye. Ya ciro makullai uku da ke ɗaure a tsumma ya ajiye a tafin hannuna.

"Ɗana, takardun suna cikin tire. Kada ka rubuta abin da idonka bai gani ba."

Na ce, "To Baba, Allah Ya jiƙan rai." A zuciyata kuwa murna nake, yau ni ne mai sito.

Daminar shekarar ta zo da amai da gudawa a jihohin Arewa da dama, ga kuma azumi saura 'yan kwanaki. Duk wani ɗakin jinya so yake ya cika kabad ɗinsa kafin abu ya ƙure. Takardu bakwai na tarar a tiren, kowacce da sa hannun babbar sista ta ɗakin da ta fito, kowacce tana jiran a fitar mata da kaya.

Ga wanda bai san aikin ba, takardar neman kaya layuka ce da gidaje. Mai nema ya rubuta sunan kaya da adadin da yake so, sai gida na ƙarshe da ake bari fili, na adadin da aka bayar. Wannan gidan na mai sito ne, kuma a kansa ake korar mutum daga aiki. Kowane kaya kuma yana da katinsa a rataye a jikin kanta, wanda muke kira binkad: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage.

Uku daga cikin takardun ba su ba ni wahala ba, su auduga da filasta da sabulu. Ta huɗu ta ɗakin gwaje-gwaje ce, an rubuta safar hannu 10, shi ke nan. Goma na me? Fakiti ɗaya guda 100 ne a ciki, kwali ɗaya kuma fakiti 10. Tsakanin fakiti goma da kwali goma akwai safa 9,000. Na tura masinja ya mayar musu su rubuta da hannunsu, don na sha ganin Baba yana yin haka.

Sauran ukun duk abu ɗaya suke nema, ruwan gishiri na ƙarin ruwa, ledar rabin lita, leda 20 a kwali. Ɗakin maza 60, ɗakin haihuwa 100, ɗakin yara 40. Jimla 200. Na duba kati, ya ce akwai 280. Dokar Baba ita ce leda 80 ba a taɓa su, na ko-ta-kwana ne, sai da sa hannun babban likita. Na cire 200 daga 280, ya ba ni 80 cif. Har na yi murmushi, na ce aikin da ake ta kambamawa ke nan? Na ɗauki biro na rubuta 60 a takardar ɗakin maza.

Akwai wani tsohon lebura da ya fi shekara ashirin yana ɗaukar kaya a siton nan. Bai iya karatun boko ba, amma ya san nauyin kowane kwali. Yana zaune a kan benci yana cin goro, ya ce, "Malam ƙarami, ka leƙa kantar kuwa?"

Na ce kati ya nuna.

Ya ce, "Ai kati ba ya ƙara wa mara lafiya ruwa."

Na ji haushi, amma na tashi. Muka sauke kwalayen ɗaya bayan ɗaya muna ƙirgawa. Kwali 12 rufaffu, da wani buɗaɗɗe mai leda 5. Wato 245 ke nan, ba 280 ba. Gabana ya faɗi. Leda 35 babu su, kuma makulli yana hannuna, wa zai yarda ba ni ba ne? Na sake ƙirgawa har sau biyu, kamar ƙirga za ta haifo su.

Tsohon ya nuna mini wata ƙusa da ke bayan ƙofa, inda Baba ke soke ƙananan takardu. A nan na ga wata 'yar guntuwa da rubutun likitan da ya kwana aiki ranar Asabar. An kawo mutane cikin dare, an taso Baba daga gida, ya ba da leda 35, bai samu ya shigar a kati ba. Kaya sun fita, biro bai bi su ba. Yawancin ɓatan da na gani a sito daga baya irin wannan ne, ba sata ba. Sai dai in ba a gano takardar ba, mai binciken kuɗi ba ruwansa da bambancin.

Na sauke ajiyar zuciya, na ce to 245 ma ba laifi. Ashe ban gama ba. Kwali biyu na can ƙasa, waɗanda suka jingina da bango, an buga musu EXP 07/2010. Wa'adinsu ya cika da ƙarewar watan Yuli, kwana biyu da suka wuce. Ledojin fes, ruwan garau, babu abin da ido zai gani. Amma ba na bayarwa ba ne. Laifin kuma namu ne, ni musamman, domin ni na jera sabon kaya a kansu lokacin da ya zo, alhali ƙa'ida ita ce wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke zama a gaba, shi ke fara fita. Na ja su gefe, na zana musu babban kuros da jan biro. Saura 205.

Sai na tuna da wani fayil da Baba ke buɗewa kafin ya taɓa tire, na baucocin da aka riga aka sa wa hannu amma masu su ba su zo ɗauka ba. Na buɗe. Ɗakin tiyata, ranar Juma'a, leda 60, an amince, ba a kwasa ba. Suna nan a kanta, na ƙirga su cikin nawa, amma suna da mai su. Wannan ne tarkon da ya fi kama sabon hannu, domin kati bai san da su ba, ido ma bai san da su ba. Da na raba su, ranar Talata a shiga da mutum tiyata a aiko ɗaukar ruwa a tarar da wayam. Saura 145. Na ware 80 na ko-ta-kwana. Abin da ke hannuna na gaskiya leda 65 ne, ga takardu suna neman 200, motar kaya kuma sai Alhamis.

Da farko na so in raba daidai, kowa ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rubuta. Da na zauna na ga rashin adalcin hakan. Wanda ya fi zuzuta buƙatarsa shi zai fi samu. Na jawo laja na bi makonni shida baya. Ɗakin haihuwa ba su cika wuce leda 40 a mako ba, yau sun rubuta 100. Ɗakin yara kuwa abin da suka saba nema suka nema, duk da cewa gadajensu sun cika har ana shimfiɗa a baranda.

Na kulle sito na zagaya da ƙafata. A kabad ɗin ɗakin haihuwa na ga leda 30. Ɗakin maza 22. Ɗakin yara 6, biyu ma an riga an rataye. Na dawo na rubuta wa yara 35, haihuwa 15, maza 15. Sittin ɗin da na yi gaggawar rubutawa na ja mata layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, na sa 15 a gefe da lamba da kuma kalmomi, na sa hannu. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti. Ƙarƙashin kaya na ƙarshe a kowace takarda na ja dogon layi, don kada wani ya ƙara abu a hanya.

Ba a yi rabin awa ba sai ga babbar sistar ɗakin haihuwa da kanta, takarda a hannu.

"Kai yaro, ɗari na rubuta. Ina Baba?"

Na miƙe tsaye. "Hajiya, ya tafi ta'aziyya. Ki yi haƙuri, abin da ke ƙasa ke nan."

"Da idona na ga kwalaye jibge. Mace ta zubar da jini cikin dare, kai za ka zo ka tsaya mata?"

Maganarta gaskiya ce, ban kuma raina ta ba. Wadda ta taɓa neman ruwa ƙarfe biyun dare ta rasa, dole ta koyi ɓoyo. Na nuna mata jan kuros, na nuna mata baucar tiyata, na ce tana da 45 yanzu, sun fi abin da take sha a mako, in kuma abu ya taso ga 80 nan, ni zan kwana a asibiti har Alhamis da makulli a aljihu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Sauran 85 ɗin fa, bashi ne?"

Na ce a'a, takardar ta rufu a kan 15, ranar Alhamis ta aiko sabuwa da abin da take buƙata a lokacin. Baba ba ya barin saura a buɗe, domin in tsohuwa tana jira sabuwa ta zo, sai a wayi gari an biya buƙata ɗaya sau biyu. Ta karɓi kwafinta ta fita ba sallama.

Bayan la'asar Baba ya dawo da ƙurar hanya a ƙafa. Ko zama bai yi ba ya ɗauki katin ruwan gishiri. Na shigar da 35 ɗin Asabar, na shigar da 65 na yau, na rubuta 40 da suka lalace a takarda daban don a kai wa shugaban sashen magunguna. Ya bi layukan da yatsa a hankali, ya tsaya a kan 35.

"Wane kwanan wata ka sa a nan?"

"Na yau, Baba."

"Yau suka fita?"

Na yi shiru. Ya miƙo mini biro, na ja layi na rubuta 31 ga Yuli, na maƙala guntuwar takardar likita a bayan katin. Ya karɓi makullai biyu, ya bar mini na ukun, na ƙofar waje, tunda na yi wa Hajiya alkawarin kwana. A kan bencin tsohon lebura na yi kwana ukun nan, sauro ya yi yadda ya so da ni.

Motar Alhamis ta zo, amma ba da abin da muka rubuta ba. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.