Yadda muke ciro lambobi daga hoton graf a shagonmu

Shagona yana Samaru ne kusa da ABU, aikinmu taifin da fotokwafi da bandin, amma in lokacin furojet ya zo akwai wani aiki da yake kawo mana ɗalibai sosai. Yaro zai ga graf a wani tsohon rahoto a laburare, ya ɗauka da waya ya turo ta WhatsApp, ya ce oga dan Allah a mayar min da shi tebur, sufabaiza ya ce lambobi yake so ba zane ba. Mutane gani suke kallo ne kawai ka rubuta. Toh wallahi awo ne, da rula muke yinsa.

Kafin komai ina cewa a sake turo hoton ta Document, don in aka turo shi haka nan WhatsApp yana matse shi, ƙananan lambobin gefe su dushe har 3 da 8 su zama abu ɗaya. Sai na firinta shi babba a A4. Daga nan ba sandunan nake fara kallo ba, layin gefen hagu nake bi, in ga me ake aunawa, buhu ne ko tan ko kashi cikin ɗari, ko an rubuta '000 a sama wanda ke nufin kowace lamba dubbai ce, sannan daga nawa layin ya tashi. Nan ne aka fi faɗawa rami, don ba kowane graf yake farawa daga sifili ba.

Ga misali irin wanda nake koya wa yaran shago da shi. Graf na buhunan masara, sanduna uku, layin gefe ya fara daga 40, sai 60, 80, 100. Na ɗora rula, daga 40 zuwa 100 santimita 12 ne, wato buhu 60 a santimita 12, kowane santimita ɗaya buhu 5 kenan. Sandar 2020 ta kai santimita 7.4, in ka ninka da 5 ka samu 37, kuma nan mai gaggawa zai tsaya ya rubuta 37 ya manta ƙasan sandar a kan 40 take zaune. Sai ka haɗa, 77. Kuma ko da ido ana gane kuskuren, tunda kan sandar yana dab da layin 80, ta yaya za ta zama 37? Haka za ka bi sauran:

| Shekara | Awo (cm) | Buhu (kimanin) |
|---|---|---|
| 2019 | 3.0 | 55 |
| 2020 | 7.4 | 77 |
| 2021 | 10.2 | 91 |

Ka lura sandar 2021 ta ninka ta 2019 sau uku da ɗoriya a ido, alhali 91 bai ma kai ninki biyu na 55 ba.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne hoton da aka ɗauka a karkace, ko littafi mai kauri da shafin ya lanƙwashe wajen ɗinki. Yadda ake ganewa, ka auna tazarar layukan kwance ɗaya bayan ɗaya, in daga 40 zuwa 60 ya ba ka 4.3 amma daga 80 zuwa 100 ya ba ka 3.7, wayar ba ta miƙe ba lokacin ɗauka, don haka lissafin santimita ɗaya buhu 5 ya daina aiki a ko'ina. Abin yi sai ka bar auno daga ƙasa, ka kama layuka biyu da kan sandar ya faɗa tsakaninsu ka auna a daidai gefen sandar. In tazarar 60 zuwa 80 santimita 4 ce a wurin kuma sandar ta haura 60 da 3.4, ka raba 3.4 da 4 ka ninka da 20, 17 kenan, ka ɗora kan 60. In karkatar ta yi yawa kuwa gara yaro ya koma laburaren ya ɗauko daga sama a miƙe, ya fi sauƙi.

Graf mai layi shi ma hanyar ɗaya ce, sai dai ɗigon da ke kan kowace shekara ko wata kawai nake karantawa, a tsakiyar ɗigon, layin da ke tsakani haɗi ne kawai aka yi ba wanda ya auna wurin. In kuma akwai lambobi a dama ma, sai ka duba wane layi ne na hagu wane ne na dama kafin ka taɓa rula.

Inda muke ɗan jayayya da kwastoma shi ne zancen lambobin bayan ɗigo. Wani ya ce oga a sa min 77.35 zai fi kama da bincike. Ba na sawa. A graf ɗin masaran nan milimita ɗaya rabin buhu ne, kaurin layin tawada kansa yakan kai haka, to daga ina .35 zai fito? Cikakkiyar lamba nake bugawa a Excel da kimanin a kanta, a ƙasan tebur in rubuta cewa daga graf aka auno, da sunan rahoton da lambar shafi, don sufabaiza zai iya buɗewa ya duba.