Igiya Biyu Da Yaron Da Ke Manne Wa Layin Raga

Shekarun farko da na fara horar da ƙananan gololi, abin da nake yi bai wuce in jera ƙwallaye goma a gabana in yi ta narka wa yaro su ɗaya bayan ɗaya ba. Idan ya tare shida in ce ya yi ƙoƙari, idan ya tare uku in ce hannunsa ne bai nuna ba. Na daɗe a haka kafin na lura cewa yawancin ƙwallayen da ake zura wa yarana ranar wasa, tun kafin a buga su sun riga sun shiga. Wajen tsayuwa yaron ya yi kuskure, hannu kuwa ya zo a makare ne kawai, ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Wanda ya buɗe min ido wani yaro ne ɗan shekara 12, siriri, mai zafin nama kamar kyanwa. A atisaye ba ya barin komai ya wuce, amma a wasa guda aka zura masa huɗu, uku daga ciki ta kusurwar nesa, a ƙasa. Da na tsaya bayan ragarsa a wasa na gaba sai na ga abin da yake yi: duga-dugansa a kan layi suke tun daga busa har tashi, kuma duk inda ƙwallo ta karkata, shi yana nan a tsakiyar raga. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Koci, ai in na fito za a ɗaga min ta sama." Tsoronsa yana da tushe, domin gajere ne. Amma don gudun ɗagawa ɗaya da ba a cika yi ba, ya bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya iya buga ƙwallo a ƙasa.

Magana ba ta shige shi ba, sai na samo igiya biyu, kowace kamar mita 15. Na ɗaura ɗaya a gindin turken dama, ɗaya a na hagu, na jawo su suka haɗu a inda na ajiye ƙwallo. Abin da ke tsakanin igiyoyin nan shi ne kaɗai hanyar da ƙwallo za ta bi ta shiga raga kai tsaye. Duk abin da ya fita wajensu, waje zai tafi. Ragar da muke aiki da ita ta yara ce mai faɗin mita 5, ba ta manya mai mita 7.32 ba. Na ajiye ƙwallon a tsakiya, mita 10 daga layi. Na ce ya tsaya a kan layi ya miƙa hannuwa: mita biyu da rabi ke tsakanin cibiyarsa da kowace igiya, ko ya yi tsalle iya ƙarfinsa ba zai kai ba. Na ce ya taho gaba mita 2. A nan faɗin da ke tsakanin igiyoyin ya koma mita 4, wato kowane gefe ya ragu da rabin mita ba tare da ya yi komai ba sai tafiya. Ya ƙara mita guda, faɗin ya koma uku da rabi. Da ya yi taku ɗaya gefe ya faɗi, yatsunsa suka taɓa igiya. Ya ɗago yana dariya, ya ce ragar ce ta tsuke.

Daga nan na ɗauki bakin igiyoyin da ƙwallon na koma gefen dama, kusa da kusurwar da'irar gola. Nan ne darasin ya fi armashi, domin da ya tsaya a inda ya saba, sai ya ga kansa ya fi kusa da igiyar nesa, gefen turken da ke kusa da ni a wangale. Ƙa'idar da na ba shi ɗaya ce: nisansa da igiyar dama ya zama daidai da nisansa da ta hagu. Idan ƙwallo ta yi gefe, shi ma ya bi ta da gajerun taku, yana zana baka a gaban raga, ba tare da ya harɗe ƙafafu ba. Muna yin haka a wurare biyar: tsakiya, gefe biyu na kusa, gefe biyu na can. Bayan mako uku na daina ɗaura igiya. Ina yawo da ƙwallon a ƙafa, in tsaya ba zato in ce "tsaya nan", sannan in jawo igiyar mu gani ko ya dace. Yara suna son wannan sashen, sun mayar da shi gasa.

Batun ɗagawa ta sama kuwa ban share shi ba. Igiya tana nuna faɗi ne kawai, ba ta nuna tsawo. Abin da na koya masa shi ne ya duba ƙwallon da ƙafar mai ita: idan tana birgima a ƙasa kuma ɗan gaba ya sunkuyar da kai zai buga, ya riƙe wurinsa a gaba. Idan tana tsalle-tsalle, ko mai ita yana nesa ya ɗago kai yana kallonsa, ya ja baya taku biyu. Dogon yaro zai iya fitowa fiye da gajere, don haka ba na ba su adadin mita ɗaya su duka.

Sai dai gyara ɗaya kan haifi wata matsalar. Da ya ɗanɗana fitowa, sai ya riƙa fitowa ba birki. Ana buga ƙwallo yana cikin tafiya, ƙafa ɗaya a sama, ta wuce ta gefen ƙafarsa kamar wasa. Golan da ke tafiya ba ya iya faɗuwa gefe, dole sai ya dire ƙafar tukuna, kafin nan an gama. Wannan laifina ne, na koya masa inda zai tsaya ban koya masa lokacin da zai tsaya ba. Muka koma baya: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a kan gaban tafin ƙafa, hannuwa a gaba daidai ƙugu, haɓa kuma ta ɗan rinjayi gwiwa. Atisayen mai sauƙi ne. Ina tura ƙwallo gaba, shi yana matsowa, da zarar na ja ƙafa baya zan buga dole ya daskare a wannan tsayuwar, ko da bai kai inda yake so ba. Wani lokaci in buga, wani lokaci in sake turawa. Gara ya tsaya cak rabin mita baya da wurin da ya dace, da a same shi a wurin daidai yana motsi. Alamar da nake dubawa ita ce duga-dugai: yaron da ya zauna a kansu, baya zai faɗa, ƙwallo ta bi ta ƙarƙashinsa.

Kamu bai ba ni wahala haka ba, in dai an daina narka wa yaro ƙwallo da ƙarfi. Ƙarfi tsoro yake koya masa, ya fara kau da fuska yana tarewa da gwiwar hannu. Yanzu da hannu nake jefawa, daga mita 5 ko 6, da ƙwallo lamba 4 wadda ta dace da tafin hannun ɗan shekara 12. Wadda ta zo daga ƙirji zuwa sama, manyan yatsu biyu su kusa haɗuwa a bayanta, sauran su baje a gefe da sama, siffar harafin W, kuma a tarye ta a gaba, gwiwar hannu a sake don ta shanye ƙarfin. Wadda ta zo ciki ko ƙasa, tafin hannu ya kalli sama, ƙananan yatsu su kusanci juna, a kwaso ta a rungume a ƙirji, jiki yana bayanta. Kunnena ma yana gaya min yadda aka yi: kamu mai kyau sautinsa a dunƙule yake, ɗif, amma in na ji tas, da tafi aka mare ta, yatsu ba su yi aiki ba. In kuma tana yawan sulluɓewa ta kai fuska, manyan yatsun ne suka yi nisa da juna. Wani lokaci ma ba dabara ba ce, safar hannu ce ta yi wa yaro yawa, an sayo masa babba wai don ya girma a cikinta. Nakan sa a cire ta a yi minti goma da hannu tsirara.

Faɗuwa gefe daga zaune muke farawa, sannan a durƙushe, sannan a tsugune, kafin a tsaye. A sauka a kan gefen cinya da kafaɗa, hannu ɗaya a bayan ƙwallo ɗaya a samanta, ƙasa ta zama hannu na uku. Wanda ya sauka rub da ciki ko a kan gwiwar hannu, na mayar da shi mataki ɗaya baya.

Raba ƙwallo shi ne abin da na fi sakaci da shi da farko, ga shi kuwa dokokin wasa sun daɗe suna tura gola wajen. Tun 1992 aka hana shi ɗaukar ƙwallon da ɗan wasansu ya mayar masa da ƙafa da gangan. A 2019 aka ba da dama ɗan baya ya karɓi bugun gola a cikin da'ira. A 2025 kuma aka ce golan da ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, kwana za a ba abokan hamayya. Yaron nawa da ya kama sai ya rufe ido ya ɗirka ta sama, ta dawo masa cikin ɗan lokaci. Na kafa ƙananan ƙofofi biyu da alamomi, ɗaya hagu ɗaya dama, kamar mita 12 daga gare shi, kowace da yaro a bayanta. Kafin in jefa masa ƙwallo, ɗaya daga cikinsu zai ɗaga hannu na ɗan lokaci ya sauke. Dole ya hango shi tun ƙwallon ba ta iso ba, ya kama, ya gangara ta a ƙasa ta bi ta cikin wannan ƙofar. Gangarawa tana son a sunkuya sosai, ƙafar da ke kishiyar hannun ta yi gaba, a saki ƙwallon daf da ƙasa. In ta tafi tana tsalle, daga sama ya sake ta, kuma ɗan bayan ne zai sha wahala. Da nisa ya kai mita 20 muka koma jifa ta saman kai, hannu a miƙe, ɗaya hannun yana nuna inda za ta. Haka muka yi da ƙafa: in mayar masa, taɓawar farko ta fitar da ƙwallon daga gaban raga zuwa gefen da babu matsi, ta biyu ta kai ta ƙofa.

A wasan da ya biyo bayan wata biyu na wannan aikin, na sake tsayawa bayan ragarsa. Ɗan gaba ya kutso ta dama, yaron ya biyo shi da gajerun taku, ya daskare, ƙwallon ta zo masa daidai ciki. 'Yan kallo ba su tafa ba, a ganinsu an buga masa ne a jiki. Ya miƙe ya gangara ta ga ɗan bayan hagu. Can a zagaye na biyu wani ya hango shi a gaba daga nesa, ya ɗaga masa ita ta shige. Da aka tashi ya zo yana share gumi ya ce, "Koci, na ga ya ɗago kai, ban ja baya da wuri ba." Ranar atisaye na gaba da wannan muka fara: ni daga mita 20 da ƙwallo mai tsalle, shi kuma yana koyon juyawa gefe ya koma baya da gudu, maimakon ja da baya a kan duga-dugai.