Godiya ga waɗanda suka raɗa wa farantinmu suna

Alhamdulillahi, walimar buɗe ɗan shagona na masa a Agege ta tashi lafiya. Allah ya saka wa duk wanda ya zo da alheri, musamman ƙawayena na Idi-Araba da suka sha cunkoson hanya, da yayata da ta kwana tana jiƙa shinkafa, da yaran da suka ɗauko mana kabewa da alayyafo daga kasuwar Mile 12 tun da asuba.

Amma godiyar yau ta masu rubutu ce. Bayan baƙi sun watse, mu biyar muka zauna kan faranti ɗaya, aka ɗauki hoto daga sama: masa a jere, gefenta ya yi ja saboda tanda, miyar taushe a tsakiya man shanu na kwance a kai, sai hannuwanmu. Babu fuskar kowa, don biyu daga cikinmu ba sa son a sa su a intanet. Na tura hoton zaurenmu na WhatsApp na ce a ba ni layi ɗaya da zan rubuta a ƙasansa, kuma kun ba ni fiye da yadda na zata.

Anti, ke zan fara yi wa godiya, domin ke kika ce kada a rubuta abin da ido ya riga ya gani. Wata ta kawo "Abinci mai daɗi tare da ƙawaye", kika ce ai hoton ya faɗi wannan da kansa. Abin da hoto ba ya iya faɗa shi ne sunan girkin, da inda aka ci shi, da su wa suka ci. A Legas wannan magana tana da nauyi, saboda maƙwabtana Yarbawa da Ibo suna ganin abin da nake sawa, kuma da yawansu ba su san miyar taushe ba. Idan ba a ambaci sunanta ba, ba za su san me za su tambaya ba in sun zo shago.

Na gode wa waɗanda suka kawo karin magana. A nan ne muka fi daɗewa. "Hannu da yawa maganin ƙazamar miya" ya dace da hannuwan nan biyar sosai, sai dai ya kira miyar ƙazama, ni kuwa sayar da ita zan yi. "Tuwon girma miyarsa nama" kuma babu tuwo a farantin, ga shi yana da ƙanshin alfahari. Kafin a liƙa karin magana a ƙasan hoton abinci, a karanta shi kalma bayan kalma a duba ko akwai wadda ta taɓa girkin ko mai girkin. Wanda ya tsira shi ne "Zumunci a ƙafa yake", kuma shi na ajiye don hoton baƙi, inda ya fi zama daidai.

Layin da muka ɗauka daga ƙanwata ya fito. Da farko ta rubuta: "Yau mun ci masa irin ta Kano da miyar taushe a shagon yayata da ke Agege, mu biyar, kuma muna gayyatar kowa." Gaskiya ce duka, amma Instagram yana yanke dogon rubutu ya bar kalmar "more", kuma ba kowa ke dannawa ba. Sai muka zauna muna ragewa. "Yau" ta fita, don manhajar tana nuna ranar. "Mun ci" ta fita, hannuwa na cikin faranti. Gayyatar mai tsawo ta koma kalma ɗaya da kowane Bahaushe ke faɗa idan aka same shi yana cin abinci. Abin da ya rage: "Masa da miyar taushe a Agege, hannu biyar. Bismillah." Ni a ganina wannan bismillar ce ta gyara komai, domin mai kallon hoton ya zama wanda aka yi wa tayi, ba wanda ake nuna wa abin da bai samu ba.

Yaya, na gode da kika tuna mana cewa washegari Litinin ce, mutane da dama na azumin nafila, shi ya sa na jira bayan magariba kafin na sa hoton. Tunda abin da aka sa a status yana ɓacewa bayan awa 24, na kuma sa shi a Instagram da layin nan ɗaya.

Masu santi a ƙasan hoton, na ga saƙonninku duka. Tanda tana hawa wuta bayan sallar asuba kullum, miya kuma tana sauka kafin ƙarfe bakwai. Allah ya bar zumunci, ya mayar da kowa gida lafiya.