Tambarin da na mayar da shi kunu

Ranar Asabar na tarar da ɗan ƙanwata yana shirin tura tambarin ƙungiyar ƙwallonsu ga mai buga bana. Na tambaye shi ina ya samo hoton, ya ce a zauren WhatsApp ɗinsu ya sauke. Na ce kada ya tura. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kawu, ai ya fita tas, duba ka gani." Abin da na faɗa ke nan, kalma da kalma, lokacin ina sakataren ƙungiyar unguwarmu.

Walimar cika shekara goma za mu yi, aka ɗora mini yin bana mai ƙafa 10 da ƙafa 4, tambari a tsakiya, faɗinsa ƙafa 3. Wanda ya zana mana tambarin ya bar gari, abin da ke hannuna sai wanda ake ta turawa daga waya zuwa waya. Yaron shagon ya buɗe shi a kwamfuta, ya ce, "Alhaji, wannan zai fashe." Na ɗauka ƙarin kuɗi yake nema, na ce ya buga kawai. To, ni ma ba laifina ne duka ba. Kwana biyu suka rage, kuma da ya zaunar da ni ya yi mini lissafi da na ji. Ko da yake, in faɗi gaskiya, ya fara bayanin, ni na katse shi.

Ga lissafin da na ƙi saurara. Hoton waya ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu da aka jera, ana ce musu fiksel, kuma adadinsu ƙayyadadde ne. Nawa yana da 720 a faɗi. Fuskar waya takan cusa kusan 400 a inci ɗaya, wato tambarin nan bai cika inci biyu ba a can, shi ya sa ido ba ya ganin ɗigon. Ƙafa 3 kuwa inci 36 ne. Raba 720 gida 36, kowane inci ya tashi da ɗigo 20 kacal, kowane ɗigo ya haura milimita ɗaya. Kwamfuta ba ta san abin da ke tsakanin ɗigo biyu ba, sai ta shafa launin wannan cikin na wancan. Kamar ludayin fura ɗaya ne ka dama wa mutum ashirin, ruwa kawai kake ƙarawa. Bana da za a tsaya kusa da shi yana son kamar ɗigo 100 a inci, wato 3,600 nake buƙata, ninki biyar na abin da na kai.

Sannan ga ɓarnar WhatsApp ɗin kansa. In ka tura abu a matsayin hoto, yakan rage girmansa ya matse shi ya zama JPEG don kada data ta ƙone. Matsin nan ne ke barin wani datti kamar ƙura a gefen haruffa. Nawa ma wani ne ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo, an matse an sake matsewa.

Ranar walima aka rataya banan bayan manyan baƙi. Taken ƙungiya da ke zagaye da tambarin ba ya karantuwa, hannuwa biyun da ke musabaha suka koma kamar doya. Duk hoton da aka ɗauka ranar yana ciki.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa ke karanta abin da ya wuce layi uku? Ku nemi wanda ya zana tambarin ya ba ku ainihin fayil ɗin, CDR na CorelDRAW, ko SVG, ko AI na Adobe Illustrator. Irin waɗannan ba ɗigo ba ne, layuka ne da kwamfuta ke sake zanawa a kowane girma, ko bangon gida za a rufe da su. Ya turo ta Document, nan ba a taɓa fayil. Kada wani ya ruɗe ku da cewa ya mayar da ɗigo 72 a inci zuwa 300 a Photoshop, ko ya saka hoton cikin PDF. Ɗigon asali dai 720 ɗin ne. Ku zuƙo fayil ɗin da aka ba ku sosai a kwamfuta, in gefen harafi ya zama matakala, ku biya a sake zana shi. Kada ku taɓa buga na waya.

Ko da yake, in a saman bene za a rataya, daga tsallaken titi za a kalla, buga abinku, ido ba ya rarrabe ɗigo daga nesa. Allunan bakin hanya ma ba su da ɗigo mai yawa a inci.

Ɗan ƙanwata ya ce mai zanen nasu ba ya ɗaga waya, kuma wasan jibi ne. Na ce to aƙalla a buga masa yanki ɗaya na tambarin a takardar A4, daidai girman da zai fito, ya gani da idonsa. Ya ce, "To, Kawu," yana ta latsa waya. Nawa banan yana nan a gida, da shi muke rufe buhunan masara in damina ta faɗi.