Katangar da ta yi duhu da hayaƙin da ya zo da akwatinsa

Zanen wani lungu ne na cikin birnin Kano na yi a Photoshop: katangar ƙasa, ƙofar zaure mai duhu, da mai ƙosai a gindin katangar da sassafe. Komai ya zauna sai katangar, ta fito sumul kamar an shafe ta da fenti mai, alhali ginin ƙasa ba ya rasa kaushi da tsagewa. Na fita da wayata na ɗauki hoton wani tsohon yaɓe a unguwarmu, na ɗora shi a leya ta sama, na sauya Normal zuwa Multiply, domin na sha ganin masu zane suna yin haka.

Tsage-tsagen sun fito. Amma katangar ta yi duhu, ta koma ja jawur kamar an yi mata ruwan sama, hasken safiyar da na kwana biyu ina gyarawa ya tafi. Na yi abin da kowa ke yi, na rage Opacity zuwa 40%. Duhun ya ragu, tsagewar da nake nema ita ma ta dushe tare da shi. Na yi ta ja sama ina ja ƙasa, har na gane cewa matsalar ba a nan take ba.

Sai na buɗe Info da F8 na fara karanta lambobi. Kowane ɗigo a hoto yana da lamba uku, ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Sifili baƙi ne, 255 kuma cikakken haske. Abin da Multiply ke yi shi ne ya ninka lambar ƙasa da ta sama, ya raba da 255:

```
Multiply = a × b / 255
```

Launin katangata 200, 150, 100 ne. Hoton yaɓen, a wurin da babu tsaga ko ɗaya, ya ba ni 180, 130, 90. Idan aka yi lissafin, 200 ya koma 141, 150 ya koma 76, 100 ya faɗo 35. Ga duhun nan, ga kuma dalilin jan: ja ya yi asarar ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, shuɗi kuwa ya yi asarar kusan kashi biyu cikin uku. Na ɗora launin ƙasa a kan launin ƙasa, suka ninka juna.

A cikin wannan lissafi akwai lamba guda da ba ta taɓa komai, ita ce 255. Fari a Multiply ɓacewa yake yi, duk abin da bai kai fari ba kuwa sai ya rage haske, komai ƙanƙantarsa. To ni tsagewa kawai nake so daga hoton nan, ba launinsa ba. Ashe aikina shi ne in mayar da jikin yaɓen fari, in bar tsagewar da duhunta.

Na cire launin da Ctrl+Shift+U, jikin yaɓen ya zama toka-toka mai lamba 135. Sannan na buɗe Levels da Ctrl+L, na jawo farar alamar da ke dama a ƙarƙashin Input Levels daga 255 zuwa 140. Abin da yake 135 ya haura 246, tsagewa mai lamba 35 ta tsaya a 64. Yanzu katangar ta zama 193, 145, 96, da ƙyar ido zai bambanta ta da yadda na zana ta, cikin tsaga kuma jan ya sauka zuwa 50. Opacity na mayar da shi 100% ban sake taɓa shi ba. Da gangan ban kai alamar ƙasa da 135 ba, domin da na gwada 120 ƙananan ƙuraje-ƙurajen yaɓen duk sun wanke, aka bar tsagewa tsirara kamar an zana da biro. Tsagewar ta kuma hau kan mayafin mai ƙosai, wannan kam Ctrl+Alt+G ya magance shi, ya ɗaure hoton a leyar katanga kaɗai.

Hayaƙin murhu ne ya fi ba ni kunya. Na kunna turaren tsinke da dare a gaban baƙin ƙyalle, na haska shi da tocila ta gefe, na ɗauka. Na sa shi a Screen, wanda shi ne kishiyar Multiply:

```
Screen = 255 − (255 − a) × (255 − b) / 255
```

A nan baƙi ne ke ɓacewa, komai kuma sai dai ya ƙara haske. A allon kwamfutata hayaƙin ya yi kyau. Na tura wa wani abokina, ya amsa da cewa, "Malam, wannan akwatin da ke bakin zaure fa?" Na duba a waya da cikakken haske, ga shi nan ɓaro-ɓaro, murabba'i mai hazo daidai girman hoton hayaƙin.

Baƙin ƙyallen nan ba sifili ba ne, 25 ne, domin kyamarar waya tana ƙoƙarin haskaka duhu. Abin da ya ɗaure mini kai da farko shi ne akwatin rabi kawai ake gani. Lissafi ya warware shi. A ƙofar zaure, inda lambar take 30, Screen ya kai ta 52, kusan ninki biyu. A sararin sama, inda take 220, ya kai ta 223, wanda ba mai lura da shi. Screen a wuri mai duhu yake da ƙarfi, kamar yadda Multiply ya fi cin wuri mai haske. Gyaran shi ne Levels ɗin dai, amma ta hagu: na tura baƙar alamar daga 0 zuwa 28, ƙyallen ya zama sifili, akwatin ya ɓace. Tun daga ranar, kafin in fitar da aiki nakan ɗora Levels na wucin gadi a saman komai, in haskaka zanen fiye da kima. Duk gefen hoton da ya ɓuya a duhu nan take yake bayyana, in gyara, in goge leyar.

Akwai inda Screen ya gaza mini gaba ɗaya. Da hayaƙin ya haura saman katanga ya shiga sararin sama, sai ya ɓace, tunda babu sauran hasken da za a ƙara. Wanda ya taɓa tsayawa wajen mai ƙosai ya san cewa hayaƙi fari ne a gaban zaure, amma a gaban sama mai haske ya fi ta duhu. Screen ba ya iya rage haske ko da lamba ɗaya. Don haka na raba hayaƙin biyu: na ƙasa ya zauna a Screen, na sama kuma na zana shi da burushi mai laushi, launin toka mai ɗan shuɗi, a leya ta Normal da Opacity 20%, na haɗa su a daidai bakin katanga.

Overlay ma na gwada a kan katangar. Shi tokar tsakiya ce, 128, ke ɓacewa a cikinsa, kuma hoton yaɓen da aka cire wa launi yana 135, kusa da ita, don haka ko Levels bai nema ba. Sai dai yana haskaka tudun yaɓe yana kuma ƙara wa launi zafi, katangar ta zama kamar rana ta take, ni kuwa safiya nake zanawa. Na koma Multiply.